Goge tarihin kallo a YouTube: abin da yake sharewa da abin da yake bari

Duk wanda ya daɗe yana kallon bidiyo a YouTube ya san lokacin da shafin farko ke juya masa baya. Ka buɗe manhajar, sai ka tarar an jera maka abubuwan da ba ruwanka da su, ko kuma abu ɗaya da ka taɓa leƙawa sau ɗaya ya mamaye ko'ina. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a goge tarihi a fara sabo. Shawarar tana da gaskiya a cikinta, amma rabin gaskiyar ce. Gogewa tana aiki, sai dai ba ta mayar da akawun ɗinka sabo fil, kuma sau da yawa wanda ya goge komai ya yi asarar da ba dole ba ce, alhali cire 'yan kwanaki kaɗan daga tarihin ya isa ya gyara masa lamarin.

Kafin a taɓa maɓallin gogewa, yana da kyau a san me ake gogewa. A shekarar 2016 wasu injiniyoyin Google uku, Paul Covington da Jay Adams da Emre Sargin, sun fitar da bayanin yadda tsarin zaɓen bidiyo na YouTube yake aiki a lokacin. Mataki biyu ne. Na farko yana duba miliyoyin bidiyo ya tsamo 'yan ɗaruruwa da yake ganin za su iya dacewa da kai, kuma manyan abubuwan da yake dogara da su wajen wannan tankaɗe su ne bidiyon da ka kalla da kalmomin da ka bincika. Na biyu yana ɗaukar waɗannan 'yan ɗaruruwan ya jera su, wanne zai zo sama, wanne zai zo ƙasa, bisa hasashen tsawon lokacin da za ka ɗauka kana kallon kowanne. Tsarin ya canza sosai tun daga wancan lokaci, amma wannan ƙashin bayan yana taimakawa wajen fahimta: tarihinka shi ne ke faɗa wa tsarin daga wace kusurwa ta rumbun zai ɗebo maka. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, domin a 2018 Neal Mohan, wanda a lokacin shi ne shugaban sashen kayayyakin YouTube, ya ce fiye da kashi 70 cikin 100 na lokacin da mutane ke kallo yana zuwa ne daga abin da tsarin ya kawo musu, ba abin da suka nema da kansu ba.

Tarihin kuwa iri biyu ne, kuma mutane na yawan haɗa su. Akwai tarihin kallo, wato jerin duk bidiyon da ya yi wasa a akawun ɗinka, har da gajerun nan na Shorts. Akwai kuma tarihin bincike, wato kalmomin da ka rubuta a akwatin nema. Na kallo shi ne mai nauyi a shafin farko. Na bincike yana da tasiri, amma inda aka fi ganinsa shi ne lokacin da ka taɓa akwatin nema, tsofaffin kalmominka suka zubo da alamar agogo a gefensu. Waɗanda ba su da alamar agogo ba naka ba ne, hasashe ne daga abin da jama'a ke nema, don haka ko ka goge tarihinka sau goma za su ci gaba da fitowa.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne inda tarihin yake zaune. Ba a cikin wayarka yake ba, yana ajiye ne a akawun ɗinka na Google. Shi ya sa goge tarihin burauza, ko share ma'ajiyar wucin gadi ta manhaja, ko ma cire manhajar gaba ɗaya a sake sakawa, ba ya canza komai: da zarar ka shiga akawun, shafinka na jiya zai dawo yadda ka bar shi. Haka nan idan ka goge tarihin a waya, ya gogu ke nan a kwamfuta da talabijin da duk na'urar da akawun ɗin ke buɗe a kanta. Kuma babu kwandon shara da za ka koma ka tsinto shi. Abin da ya tafi ya tafi.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce mutum ne mai koyon gyaran lantarki. Shekara biyu yana kallon darussan haɗa waya, gwajin batir, karanta zanen da'ira, har shafinsa na farko ya san shi ciki da waje, kullum yana kawo masa tashoshin da bai taɓa ji ba amma suka dace da matakinsa. Sai aka yi hutun makaranta, 'ya'yansa suka riƙa kallon zane mai motsi a talabijin ɗin falo, wadda ke kan akawun ɗinsa, daga 1 zuwa 14 ga wata. Yara ba sa kallo irin na manya. Suna maimaita bidiyo ɗaya sau da yawa, suna kallo har ƙarshe, kuma bidiyo na bin bidiyo da kansa na tsawon sa'o'i. Ga tsarin da ke auna lokacin kallo, wannan shaida ce mai ƙarfi, kuma sabuwa ce, ta fi darussan watan jiya kusa. Da ya buɗe wayarsa ranar 15, sai ya ga rabin shafin ya koma waƙoƙin yara.

Idan ya shiga History a kwamfuta ya danna Clear all watch history, waƙoƙin za su ragu ƙwarai, haka ne. Amma tare da su zai jefar da shekara biyu na darussan lantarki. Jan layin nan da ke ƙarƙashin hoton bidiyo, mai nuna inda ka tsaya, zai ɓace, don haka darasin sa'a guda da ya kai rabi zai koma farko. Tsarin kuma ya manta abin da ya riga ya kalla, sai ya fara sake kawo masa tsofaffin bidiyon tashoshin da yake bi kamar sababbi ne. Kamar wanda ya ga ciyawa a kunya biyu ne ya sa wa gonar duka wuta.

Hanyar da ta fi masa ita ce ya shiga inda tarihin yake a jere da kwanan wata. A manhajar waya zai taɓa You a ƙasa, ya taɓa alamar saiti, ya zaɓi Manage all history. A burauza kuwa zai iya zuwa kai tsaye:

```
myactivity.google.com
```

sannan ya buɗe YouTube History. A nan kallo da bincike suna jere tare, kowanne da ranarsa da lokacinsa, kuma kowanne da alamar X a gefe don cire shi shi kaɗai. Akwai maɓallin Delete da ke ba da zaɓin goge na yau, ko na wani tsakanin kwanaki, ko na duka. Shi na tsakiyar yake buƙata, Delete custom range. Zai sa ranar farawa 1 ga wata, ranar ƙarewa 14, ya tabbatar. Abin da zai rasa kawai shi ne 'yan darussan da shi kansa ya kalla a cikin waɗannan makonni biyu, wanda ba komai ba ne idan aka kwatanta da shekara biyu.

Da a ce yaran ba a jere suka yi kallon ba, suna ɗan taɓawa ne duk ƙarshen mako tsawon watanni, to zaɓen kwanaki ba zai yi ba. Sai ya yi amfani da akwatin nema da ke cikin shafin tarihin, ya rubuta sunan tashar yaran ko kalmar da ke yawan fitowa a sunayen bidiyon, sakamakon ya fito, ya goge shi. Zai maimaita da kalma uku ko huɗu. Aiki ne mai ɗan cin rai, amma na minti goma ne.

To, ya goge. Ya koma shafin farko, ya ja shi ƙasa ya sabunta, sai ya ga har yanzu akwai waƙar yara ɗaya ko biyu. A nan ne mutane ke cewa gogewar ƙarya ce. Ba ƙarya ba ce. Wani lokaci canjin ne bai gama bayyana ba, sai an rufe manhajar an sake buɗewa, ko an ɗan ba shi lokaci. Amma idan kwana ya wuce abin bai gushe ba, to alama ce cewa akwai wata shaida da ba ta cikin tarihi, kuma YouTube da kansa bai ɓoye wannan ba. A bayanin da Cristos Goodrow, mataimakin shugaba a sashen injiniyancin kamfanin, ya wallafa a Satumbar 2021, ya lissafa abubuwan da tsarin ke dubawa: dannawa, tsawon kallo, amsoshin 'yan tambayoyin da ake yi wa masu kallo, turawa wasu, da maɓallan Like da Dislike. Ƙara da tashoshin da kake bi. Goge tarihi ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin abin da ka yi wa Like, kuma ba ya cire ka daga kowace tasha.

Don haka mai gyaran lantarkinmu zai duba wurare biyu. Zai buɗe Subscriptions ya ga ko ƙananan yatsu sun danna Subscribe a wata tashar yara, abin da ke faruwa sosai da rimot ɗin talabijin. Zai kuma buɗe Liked videos ya cire abin da ba nasa ba. Galibi a nan ake kama ɓarawon. Tasha ɗaya da aka bi bisa kuskure, mai fitar da bidiyo kullum, ta isa ta riƙa cusa kanta a shafin farko ko da tarihin ya yi fes.

Akwai kuma ƙofa ta uku da ba kowa ke lura da ita ba. Saƙon da ke fitowa kafin ka tabbatar da goge tarihin kallo yana faɗa maka cewa za a sake saita abin da ake kawo maka, amma ayyukanka a sauran kayayyakin Google na iya ci gaba da tasiri. Wato binciken da kake yi a Google da makamantansa, waɗanda ke ƙarƙashin wani saiti daban mai suna Web & App Activity. Wanda ya goge tarihin YouTube kaf amma har yanzu ake kawo masa bidiyon wata mota da ya kwana yana bincikawa a Google, ga inda zai duba. Ni dai ba na ba da shawarar a goge wannan don gyaran shafin bidiyo kawai, domin yana shafar abubuwa da yawa da ba su da alaƙa da YouTube. A nemo kalmar da ke damun mutum a cire ta, ya wadatar.

Sannan akwai abin da babu gogewar da za ta canza shi. Jerin bidiyon da ke fitowa a gefe ko a ƙasan wanda kake kallo ya fi dogara ne da bidiyon da ke wasa a wannan lokacin, ba da tarihinka ba. Idan ka buɗe bidiyon dambe, za a jera maka dambe a ƙasa, ko da tarihinka babu komai a ciki. Wannan ba alamar gazawar gogewa ba ce. Wurin da za ka auna ko gogewarka ta yi aiki shi ne shafin farko.

Wani zai ce, me ya sa ba za a yi ta danna Not interested kawai ba, a huta da duk wannan? Akwai bincike a kan haka. A Satumbar 2022 gidauniyar Mozilla ta fitar da sakamakon nazarin da ta yi da bayanan masu sa kai sama da 22,000, inda ta auna yadda kowane maɓalli ke rage bidiyon da mutum ba ya so. Not interested ya hana kashi 11 cikin 100 ne kawai, Dislike kashi 12. Cire bidiyo daga tarihin kallo ya hana kashi 29, shi kuwa Don't recommend channel kashi 43. YouTube ya ƙalubalanci hanyar binciken, yana cewa ba a gina maɓallan don su toshe maudu'i gaba ɗaya ba, kuma shekaru sun wuce tun lokacin. Duk da haka jerin ya yi daidai da abin da hankali zai ɗauka. Danna Not interested alhali tarihinka cike yake da sa'o'i ashirin na irin wannan bidiyon, kana faɗa da baki ne yayin da aikinka ke faɗin akasin haka, kuma tsarin ya fi yarda da aiki. Ka fara cire shaidar, sannan ka toshe tashar da ta ƙi tafiya.

Ita ma toshewar tana da ajiyarta daban, kuma goge tarihi ba ya share ta. Wanda ya yi shekaru yana danna Don't recommend channel, har ya toshe tashoshin da yanzu yake so, zai shiga My Activity, ya buɗe Other activity, ya nemo sashen da ke magana a kan "Not interested" feedback na YouTube ya goge. Sai dai a sani, duka yake gogewa lokaci ɗaya, ba a zaɓar ɗaya a bar ɗaya, don haka tashoshin da ka kora da dalili za su iya dawowa tare da waɗanda ka kora bisa kuskure.

Yaushe ne goge komai ya dace? Idan akawun ya daɗe a hannun mutane da yawa har ba a iya rarrabe na wane da na wane. Ko idan mutum ne da kansa ya canza, yana son rabuwa da wani nau'in kallo da ya cinye masa shekaru, ba makonni ba. A irin wannan hali tsintar ɗaya-ɗaya ɓata lokaci ce. Mai son ajiye kwafi kafin ya goge zai iya sauke tarihinsa ta Google Takeout, domin wata rana zai nemi wani bidiyo da ya manta sunansa. Mai sauraron waƙa ta YouTube Music kuma ya tuna cewa abin da ya saurara yana cikin wannan tarihin, goge duka zai taɓa can ma.

Abin da ya fi muhimmanci bayan goge komai shi ne kwanakin farko, kuma nan ne yawanci ake ɓata aikin. Lokacin da tarihinka ke ɗauke da bidiyo dubu, sabon guda ɗaya ba ya motsa komai. Lokacin da yake ɗauke da biyar, kowanne kashi ɗaya ne cikin biyar na duk abin da aka sani game da kai. Shafin da ba shi da tarihi kuwa yana cika ne da tashoshin da kake bi da abin da ke tashe a wurin jama'a, wato bidiyon da aka ƙera musamman don su ja ido. Ka danna biyu don ganin ƙwaf, ka kalle su har ƙarshe, shi ke nan ka kafa sabon tushe da hannunka, kuma mai yiwuwa ya fi na da muni. Dabarar ita ce a 'yan kwanakin nan kada ka ci daga abin da shafin farko ya miƙo maka. Ka nemi abin da kake so ta akwatin nema, ka shiga tashoshin da ka yarda da su kai tsaye, ka kalli bidiyon da gaske ba ka buɗe ka rufe ba. Ka kashe Autoplay, domin barci ɗaya da waya na wasa ya isa ya zuba maka bidiyo ashirin da ba ka zaɓa ba. Ka kuma leƙa tarihin da yamma. Idan ka ga abin da ba ka tuna ka buɗe ba, wataƙila daga bidiyon da ke fara wasa da kansu ne yayin da kake gungura shafi, kuma ana kashe wannan a saitin Playback in feeds na manhajar waya.

Kada a haɗa gogewa da dakatarwa. Pause watch history yana hana a rubuta sabo, amma ba ya cire tsoho, don haka shafinka zai daskare a kan abin da aka riga aka sani. Idan kuma ka haɗa biyun, ka goge komai sannan ka dakatar, to tun Agustan 2023 YouTube ya daina cika shafin farko ga irin wannan akawun: za ka ga akwatin nema da fili babu komai. Wasu na tsorata su ɗauka manhajar ta lalace. Ba ta lalace ba, kunna tarihin ya dawo da shafin. Wasu kuma da gangan suke yin haka don su daina gungurawa marar iyaka, kuma a ganina wannan ita ce hanya mafi tsabta ga mai son YouTube ya zama wurin da yake zuwa neman abu ya fita.

Akwai kuma Auto-delete, mai share abin da ya wuce wata 3, ko 18, ko 36 da kansa. Yana da amfani ga sirri, amma ba ya maganin matsalar mai gyaran lantarki, tunda tsohon tarihi yake ci, shi kuwa sabon ne ya dame shi.

Sauran manhajoji sun ɗauki wata hanya. TikTok ya fito da maɓallin sabunta shafin For You a Maris 2023, Instagram kuma ya sanar da nasa na sake saita abin da ake kawo wa mutum a Nuwamban 2024. A can maɓalli guda ne aka ware don wannan aikin, amma shi ma ba ya cire ka daga waɗanda kake bi, kuma kwanakin farko bayan danna shi suna da nauyi iri ɗaya.

Shi kuwa mai gyaran lantarki, abin da zai hana shi maimaita wannan aiki a hutu mai zuwa shi ne ya raba hanya tun daga tushe. A talabijin, ya ƙara wa yaran nasu bayanin shiga ko ya sa musu YouTube Kids, ta yadda kallonsu ba zai shiga akawun ɗinsa ba. A waya, duk lokacin da zai miƙa wa wani, ko shi kansa zai leƙa abin da ba ya son ya biyo shi, ya taɓa You ya zaɓi Turn on Incognito. Abin da aka kalla ko aka bincika a wannan yanayi ba ya shiga tarihin akawun, sai dai manhajar kan fita daga yanayin da kanta idan aka daɗe ba a taɓa ta ba, don haka ya riƙa duba alamar da ke ƙasan allo kafin ya miƙa wayar karo na biyu.